Ya fi kowa nisa amma aka ɗaga masa jar tuta: bayanin fawul, hit, len da foto finish

"Assalamu alaikum Malam. Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare, bana ni aka ɗora wa shirya gasar wasanni ta gida-gida. Bara an tashi baram-baram saboda wani yaro ya fi kowa nisa a dogon tsalle amma aka ce ya yi fawul. Don Allah a warware mini a sauƙaƙe: mene ne fawul a dogon tsalle, mene ne hit da len, kuma ta yaya foto finish ke raba gardama?"

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya taya ka riƙo. Na daɗe ina alƙalanci a gasannin makarantu, kuma kusan duk rigimar da na gani a fili tushenta ɗaya ne: akwai layi a ƙasa, akwai sashen jiki guda da doka take kallo a kan wannan layin, amma idon 'yan kallo yana kan wani sashen dabam. A dogon tsalle mutane suna kallon inda yaro ya dira, alƙali kuma yana kallon bakin takalminsa a wurin tashi. A ƙarshen tsere mutane suna kallon ƙafa ko kai, alƙali yana kallon ƙirji. In ka riƙe wannan, sauran bayanin zai zo maka da sauƙi.

Katako da jar tuta

A ƙarshen hanyar da ɗan wasa ke sheƙo gudu, kafin ramin yashi, akwai farin katako da aka binne daidai da ƙasa. Tsawonsa mita 1.22, faɗinsa santimita 20. Gefen katakon da ke fuskantar yashi shi ne layin tashi, kuma shi kaɗai ne abin lura. Yaro yana da damar taka katakon gaba ɗayansa, yana da damar tashi tun kafin ya iso shi, amma idan bakin takalminsa ya gota wannan gefen yayin da ƙafar take ƙasa, ko da faɗin farce ne, tsallen ya lalace. Alƙali zai ɗaga jar tuta, ba za a ma ja tef ba, marubuci ya sa X a takarda. Idan tsallen ya yi kyau, farar tuta ake ɗagawa.

Dalilin wannan tsanani shi ne awon kowa daga wannan layin yake farawa. Da za a bar wanda ya gota da santimita 3, wanda ya gota da 5 zai ce shi ma a bar shi, daga nan kuma babu wurin tsayawa. Ina kyautata zaton abin da ya sami yaronku na bara ke nan. Mai yiwuwa da gaske shi ya fi kowa nisa, amma tsallen da ya gota layi daidai yake da wanda ba a yi ba. Kuma kada yaro ya ɗauka abin kunya ne: a gasar duniya ta Budapest a 2023, kusan ɗaya cikin kowane tsalle uku fawul ne, ga kuwa mutanen da wannan ce sana'arsu.

A da, a manyan gasanni ana shafa wani danƙo mai laushi a gaban katakon, in takalmi ya bar shaida a kansa sai a ce fawul. Daga ƙarshen 2021 hukumar World Athletics ta ƙara ɗaure dokar: ko takalmi bai taɓa ƙasa a gaban layin ba, matuƙar bakinsa ya leƙa ta saman layin kafin ƙafar ta bar ƙasa, fawul ne, kuma kyamara ake sawa ta duba. Kai ba ka da kyamara, don haka ga abin da muke yi. Ka zuba jiƙaƙƙen yashi mai faɗin kamar santimita 10 a manne da gaban katakon, ka lallaɓe shi da tafin hannu ya yi sumul. Duk wanda ya gota zai bar zanen takalminsa ko na yatsunsa a kai. Sai ka kira yaron da malamin gidansu su gani da idonsu kafin a share. Na sha ganin malami ya taso da kumfar baki, da ya ga shatin yatsu uku a kan yashi sai ya juya ya koma kan bencinsa. Alƙalin katako kuma ya zauna a gefe, daidai saitin layin, idonsa a ƙasa. Kada ya bi yaro da kallo zuwa cikin rami, wannan aikin wasu ne.

Akwai wasu fawul ɗin da ba su shafi bakin takalmi ba, kuma su ne yara suka fi jahilta. Idan yaro ya sheƙo da gudu, ya ga ƙafarsa ba ta zo daidai ba, ya zarce ya keta layin ba tare da ya yi tsalle ba, an ƙirga masa, damarsa guda ta tafi. Amma in ya ci birki kafin layin, yana iya komawa ya sake tahowa, muddin minti ɗayan da ake ba shi bayan an kira sunansa bai cika ba. Idan ya tashi daga wajen katakon, ta dama ko ta hagu, fawul ne. Idan ya yi alkafura a sama, fawul ne. Sai kuma wanda ya fi ba ni takaici: yaro ya yi tsalle mai kyau, ya miƙe cikin murna, ya juyo ya tako ta cikin yashi ya fita ta bayan inda ya dira. Doka ta ce takun farko da zai yi a wajen rami dole ya kasance gaba da shaidar da ya bari. Ka tara su kafin a fara ka gaya musu da babbar murya: in ka dira, ka yi gaba, ka fita ta gaba.

Yadda ake jan tef

Awon ma yana haddasa rigima. Ana aunawa ne daga shaidar da ta fi kusa da katako, kowane sashen jiki ne ya yi ta, zuwa layin tashi. Sifilin tef yana cikin yashi a bakin shaidar, a ja shi a miƙe ya ratsa katakon ba tare da karkata ba, a karanta a kan layin tashi. Idan awo ya faɗa tsakanin santimita biyu, na ƙasa ake ɗauka.

Bari in ba ka abin da ya faru a gabana a wata gasar shiyya. Wani dogon yaro ya dira, dugadugansa suka huda yashi a mita 5.80, fili ya ɗauki sowa. Amma da ya dira jikinsa ya rinjaya baya, ya kai hannun hagu ya dafe yashi. Shatin tafin hannun yana mita 5.31, kuma abin da muka rubuta masa ke nan. Wani gajeren yaro da ya dira a 5.46 ya kife gaba, shi ya ɗauki na ɗaya. Yaron farko ya zauna a bakin rami yana hawaye, yashi a gwiwar hannunsa, ni ma abin ya taɓa ni, sai dai hukuncin daidai ne. Da wani ya koya masa ya lanƙwashe gwiwa ya jefa hannuwansa gaba yayin dira, da rabin mitar nan bai salwanta ba. Har abin da ke jikin ɗan wasa ana lissafawa: idan jelar riga ko ta mayafi ta share yashi a bayansa, daga nan za a auna. Don haka ka sa maza su cusa riga cikin wando, 'yan mata kuma su cusa bakin hijabi cikin riga su ɗaure shi da kyau. Bayan kowane tsalle a bi yashin da manjagara a daidaita shi da tsayin katako, kuma a ɗan yayyafa masa ruwa tun da safe, domin busasshen yashi zubewa yake yi ya cike shaida.

Kowa yana da tsalle uku. Idan 'yan wasa sun wuce takwas, takwas ɗin da suka fi nisa ake ƙara wa uku, kuma mafi nisa a cikin duka shidan shi ne sakamakon mutum. Wanda ya yi fawul a duka ukun farko ya fita ba shi da komai, a gaban sunansa a rubuta NM. Ka tabbata marubucinka yana rubuta kowane tsalle, ba mafi nisa kaɗai ba, saboda ranar da za a yi kunnen doki. A gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021, Ese Brume ta Najeriya da Brittney Reese ta Amurka kowacce ta yi mita 6.97. Sai aka koma kan tsallen da ke biye a nisa: na Reese 6.95, na Brume 6.90. Reese ta karɓi azurfa, Brume ta karɓi tagulla, Malaika Mihambo ta Jamus kuma ta kwashe zinare da mita 7.00 a tsallenta na ƙarshe.

Maganin yawan fawul

Yaron da ke yawan gota layi, matsalarsa ba a katako take ba, tana can inda ya fara gudu. Yawancin yaranmu kowane zuwa daga wuri dabam suke tasowa, da ƙafa dabam. Abin da nake yi shi ne in tsayar da yaro a kan katako ya juya wa rami baya, ya sheƙa da gudu kamar gaske, ni kuma ina ƙirga takunsa. Ga ɗan sakandare taku 14 zuwa 16 ya isa. Inda taku na ƙarshe ya sauka sai in ajiye alama a gefen hanya. Ya maimaita sau uku ko huɗu har alamar ta tsaya wuri guda, sannan ya juyo ya riƙa tasowa daga nan, kullum da ƙafa ɗaya. Mu auna nisan da tef, ya rubuta a littafinsa, ranar gasa ya auna abinsa.

Idan a tsallen farko ya gota da kamar faɗin yatsu huɗu, ya ja alamarsa baya da tsawon tafin ƙafa guda. Kada ya ce zai rage gudu, domin gudun shi ne tsallen. Ka lura da iska ma. In tana turo shi ta baya, kamar yadda take yi da hunturu, takunsa zai ƙara tsawo bai sani ba, sai ya ƙara ja baya kaɗan. Alamar yaron da bai yarda da awonsa ba ita ce za ka ga ya sunkuyar da kai yana neman katako, yana 'yan gutsi-gutsin taku, ko ya miƙa ƙafa ya yi wani dogon taku na ƙarshe. Wannan miƙa ƙafar ita ke kai shi kan layi. Shawarata ga yara kullum ita ce su fara samun tsalle guda mai farar tuta, ko da sun bar tazara a bayan katako, sannan su saki jiki a sauran. Wani lokaci ma na farkon ne ke ci: mita 7.12 da Chioma Ajunwa ta ciyo wa Najeriya zinare da shi a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, tsallenta na farko ne a zagayen ƙarshe.

Hit: matsayi kafin lokaci

Hit rukuni ne na share fage. Fili yana ɗaukar mutum shida ko takwas a lokaci guda, masu son gudu kuma sun fi haka, sai a kasa su rukuni-rukuni a tace. Wanda ya ci hit bai ci komai ba tukuna, gurbi kawai ya samu a zagaye na gaba.

Hanyar tsallakewa biyu ce, kuma a allon talabijin za ka gan su da haruffa. Babban Q na wanda ya wuce da matsayi ne, misali na ɗaya da na biyu a kowane rukuni. Ƙaramin q na wanda bai sami matsayin ba amma lokacinsa ya fi na sauran da suka rage a duka rukunan. Matsayi ake fara cikawa. Shi ya sa wani zai zo na biyu a rukuni mai sanyi ya wuce, wani ya fi shi lokaci a rukuni mai zafi ya zauna. A gasar Olamfik ta Paris a 2024, a tseren tsallake shinge na mita 100 na mata, zagayen kusa da na ƙarshe rukuni uku ne, biyun farko suna wucewa, sai a ƙara mutum biyu da lokaci. Tobi Amusan ta zo ta uku a rukuninta da sakan 12.55, sai ta koma jiran ƙaramin q. Guraben biyu suka tafi ga waɗanda suka zo ta uku da ta huɗu a wani rukunin da ya fi sauri. Ta huɗun, Cyréna Samba-Mayela ta Faransa, da 12.52 ta shiga, washegari kuma ta ci azurfa.

A makaranta ina ba da shawarar ka guji ƙaramin q in da hali, saboda agogon dannawa a hannun malamai uku ba ya bayar da lokacin da za a kwatanta tsakanin rukuni da rukuni. Ka ce kana da yara 18 a mita 100 da len shida. Ka yi rukuni uku na mutum shida-shida, biyun farko su wuce, ka sami shida cif na zagayen ƙarshe ba tare da ka dogara da agogo ba. Abin da zai sa wannan ya yi adalci shi ne rabon. Ka jera yaran bisa abin da aka sani na gudunsu, ka raba su kai da komowa: na 1 rukunin farko, na 2 na biyu, na 3 na uku, sai ka juyo, na 4 na uku, na 5 na biyu, na 6 na farko, haka har su ƙare. In ka bar abin ga ƙuri'a zalla, gwanaye uku suna iya haɗuwa a rukuni ɗaya, guda ya faɗi tun da safe. Ka kuma yi ƙoƙari kada 'yan gida ɗaya su taru wuri guda. Sharaɗin wucewa kuma a faɗe shi a lasifika kafin a busa usur na farko, ba bayan an ga sakamako ba.

Sauran haruffan da za ka gani: DNS wanda bai fito ba, DNF wanda ya fara bai ƙarasa ba, DQ wanda aka kora saboda karya doka, kamar tashi kafin bindiga. Tun 2010 riga bindiga sau ɗaya ya isa kora, kuma ita ta fitar da Usain Bolt daga zagayen ƙarshe na mita 100 a gasar duniya ta Daegu a 2011.

Len da lissafin kwana

Len shi ne hanyar da aka shata wa kowane mai gudu tsakanin fararen layuka biyu. Faɗinsa mita 1.22, ana ƙirgawa daga ciki, wato len 1 shi ne na jikin ciyawa. A mita 100, 200 da 400 kowa yana cikin nasa daga farko har ƙarshe. A mita 800 ana riƙe len har a gama kwanar farko, sannan kowa ya gangaro ciki. Daga 1500 zuwa sama ba a raba len, a kan lanƙwasasshen layi guda ake tashi.

Layin da ke da haɗari shi ne na hagunka a kan kwana, domin wanda ya taka shi ya rage wa kansa tafiya. A da taku ɗaya ya isa kora. Yanzu an ɗan sassauta: taɓa layin sau ɗaya ana yafewa a rubuta L, na biyu kuma kora ne, ko da a zagaye na gaba ya faru. A miƙaƙƙen wuri, ko a layin dama, fita daga len ba ya jawo kora matuƙar ba ka tare wa wani hanya ba, tunda ba ka ci ribar komai ba. Ka ajiye malami guda a kowace kwana da ƙyalle a hannu, aikinsa ya kalli ƙafafu kawai.

Yanzu ga wurin da sana'arka za ta yi maka rana. A mita 200 da 400 za ka ga an jera masu gudu kamar matakala, na waje yana can gaba, har 'yan kallo su ce an fifita shi. Kwana biyu na fili in ka haɗa su da'ira guda ce, kuma duk len da ka matsa waje ka ƙara wa da'irar faɗin len guda daga tsakiyarta. Don haka ƙarin tafiyar shi ne 2 × 3.142 × faɗin len. Da len mai mita 1.22, kowane len ya fi na cikinsa da mita 7.67 a zagaye guda. A filin da ke da dakali a gefen ciki, tazarar len 2 takan zama 7.04, saboda len 1 ana auna shi santimita 30 daga dakalin, sauran kuma santimita 20 daga layinsu. Mai len 8 yana tsayawa kimanin mita 53 gaba da mai len 1, amma dukansu mita 400 za su yi.

A filinka da za ka shata da farar ƙasa ko toka babu dakali, lissafin ya fi sauƙi. In ka yi len mai faɗin mita 1, ka ba kowane len tazarar mita 6.28 a tseren zagaye guda, 3.14 a tseren kwana ɗaya, kana aunawa a bin lanƙwasar len ɗin. Na taɓa zuwa wata makaranta na tarar an ja tazarar da ido, taku bibbiyu. Yaran len 5 da 6 sun yi kusan mita 25 zuwa 30 fiye da na len 1, kuma duk ranar babu wanda ya ci mita 400 daga waje. Yaran sun koma gida suna ganin su ne ba su iya gudu ba.

A zagayen ƙarshe ana ba waɗanda suka fi ƙoƙari a hit len na tsakiya. Na ciki kwanarsa ta matse, na waje kuma ba ya ganin kowa, shi ake kora. Duk da haka len ba ya hana mai rabo: daga len 8 Wayde van Niekerk na Afirka ta Kudu ya kafa tarihin duniya na mita 400 da sakan 43.03 a gasar Olamfik ta Rio a 2016.

Foto finish

An gama tsere ne a lokacin da gangar jiki ta iso gefen layin ƙarshe na kusa da masu gudu. Gangar jiki kuwa ita ce daga kafaɗu zuwa ƙugu, ban da kai, wuya, hannu da ƙafa. Shi ya sa kake ganin suna turo ƙirji gaba suna watsa hannuwa baya a takun ƙarshe. A Rio a 2016 Shaunae Miller ta faɗi ta kife a kan layi a mita 400, kuma ta ci Allyson Felix, 49.44 da 49.51, saboda gangar jikinta ta riga isa.

Hoton foto finish ba irin hoton da muka sani ba ne. Kyamarar ba ta ganin fili, wani siririn tsagi kawai take gani daidai kan layin ƙarshe, kamar mai leƙen titi ta tsagin ƙofa. Tana ɗaukar wannan tsagin sau dubbai a sakan guda, ta Paris har sau 40,000, sai na'ura ta jera su gefe da gefe. Saboda haka duk abin da ke cikin hoton a kan layin ƙarshe yake, kowane a lokacin da ya iso. Tazarar da kake gani tsakanin mutum biyu tazarar lokaci ce. Wannan ne ya sa ƙafa takan fito a miƙe kamar roba ko a murɗe: wadda ta daɗe a kan layi ta yi tsawo, wadda ta wuce da sauri ta tsuke. Agogon yana haɗe da bindigar tashi. Alƙali yana ɗora siririn layi a kan ƙirjin kowane mai gudu, na'ura ta ba shi lokacin. Lokacin da ke fitowa a talabijin nan take na wata na'ura ce mai haske da jiki ke yankewa, shi ya sa bayan ɗan jim yakan canza kaɗan.

A mita 100 na maza a Paris, Noah Lyles na Amurka da Kishane Thompson na Jamaika duka 9.79 aka rubuta musu. A hoton, Lyles 9.784 ne, Thompson 9.789. A ƙa'idar gudu sama ake cike lokaci, don haka dukansu suka zama 9.79, saɓanin tsalle da ake komawa ƙasa. Bambancin 0.005 na sakan, a irin gudunsu, bai wuce santimita 5 ko 6 ba. Wani lokaci hoton ma yakan gaza: a gasar zaɓen 'yan Olamfik ta Amurka a 2012, Allyson Felix da Jeneba Tarmoh sun yi 11.068 su biyu a matsayi na uku, aka bayyana kunnen doki.

Kai da ido za ka yi aiki, kuma ido yana da iyaka. Ka kafa sanda biyu a gefen layin, ka ja alƙalanka baya kamar mita 5 daga len na waje, su tsaya a saitin layin, ɗaya bayan ɗaya a kan benci ko tebur domin kowa ya hango. Ka raba musu aiki: wannan na ɗaya kawai zai kama, wannan na biyu, wannan na uku, wani kuma ya kalli duka. Kowa ya rubuta a takarda kafin su yi magana da juna, yara kuma su tsaya cikin len ɗinsu har a gama ɗaukar suna. Masu agogo su danna da ganin hayaƙin bindiga ko saukar ƙyalle, kada su jira ƙara, domin ƙara takan ɗauki kusan sulusin sakan kafin ta ratsa mita 100. Lokacin hannu kuma a rubuta shi da lamba ɗaya bayan ɗigo, a cike sama: 12.43 ya zama 12.5.

Waya tana taimakawa in an san iyakarta. Bidiyo na yau da kullum hoto 30 yake ɗauka a sakan, yaron da ke gudun mita 9 a sakan kuwa yana matsawa santimita 30 tsakanin hoto da hoto, don haka ba zai raba maka tsere mai matsi ba. In wayar tana da tsarin jan hoto a hankali mai 240 a sakan, tazarar ta sauko ƙasa da santimita 4. Ka ɗaure ta a jikin sanda daidai saitin layin, daga ɗan sama. In ta karkace ko kaɗan, na len ɗin kusa ko na nesa zai riƙa fitowa a gaba alhali ba haka ba ne. Wayar iyaye da aka ɗauka daga cikin rumfa kada ka karɓe ta a matsayin hujja, kuma ka faɗi haka tun a taron malaman gidaje. Idan alƙalai sun rabu biyu, bidiyon ma bai nuna ƙirjin da ya riga ba, ka bayyana kunnen doki: yaran biyu su ɗauki na ɗaya, babu na biyu, mai bi musu ya zama na uku, makin na ɗaya da na biyu kuma a haɗa a raba wa gidajensu daidai.